Daga Hoton Takardar Farashi zuwa Excel

Dillalin siminti ya turo maka hoton takardar farashi. A manhajar Excel ta waya akwai Data from Picture, wadda ke karanta hoto ta zuba shi layi-layi. Ɗauki hoton daga sama tsaye, domin karkataccen hoto kan cusa farashi cikin gurbin sunan kaya.

Wahalar tana wajen lambobi. Sifili kan rikiɗe ya zama harafin O, sai 9,500 ta koma 9,5OO. Alamarta a fili take: lamba kan jingina dama, rubutu kuma hagu, kuma SUM zai tsallake ta shiru. Gyara ta, cire alamar naira daga gidan, ka bar Format Cells ya maido ta. Sannan ka gwada jimillarka da wadda aka buga a ƙasan takardar.