Neman Littafin Dawa a Ɗakin Karatu: Babi ko Kalma?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ya san cewa mai neman hukuncin zakkar hatsi ba ya bin littafin shafi-shafi yana farautar kalmar dawa ko gero, sai dai ya nufi babin zakka kai tsaye, domin mawallafi ya riga ya tara mas'alolin wuri guda. Wannan al'ada ta kasa ilmi fanni-fanni tsohuwa ce, don kuwa tun wajen shekarar 987 Ibn Nadim na Bagadaza ya tsara Fihirisansa a kan maƙala 10. Irin wannan aiki ne ma'aikatan ɗakin karatu suke yi a yau, kuma shi ne ɗalibai da yawa suka soma ganin ba su da bukatarsa tun da na'ura ta ba su akwatin da za su rubuta kowace kalma su nema.

Mu ɗauki misalin ɗalibin aikin gona daga Malumfashi ko Funtuwa, wanda yake son ya san abin da aka rubuta a kan dawa. Idan ya rubuta `sorghum`, na'ura za ta kawo masa duk littafin da wannan lafazi ya fito a sunansa ko a bayaninsa, ta bar rahotannin zamanin Turawa, waɗanda galibi `Guinea corn` suke kiran dawa, ta kuma bar ƙasidun Hausa na malaman gona. Idan kuwa ya yi dabara ya rubuta `corn` kaɗai, sai littattafan Amurka a kan masara su rufe shi, alhali ba su ya zo nema ba. Illar a nan ita ce na'ura ba ta faɗa masa abin da ta tsallake. Ya ga sakamako ya cika allo, sai ya ɗauka ya gama bincike.

Maganin wannan shi ne kanun maudu'i. Ma'aikacin da ya karɓi littafi yakan duba abin da ya ƙunsa, sa'an nan ya ba shi suna guda daga cikin jerin sunayen da aka yi ittifaƙi a kansu, kamar jerin ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, inda dawa take `Sorghum` ko da wane harshe aka rubuta littafin, masara kuwa `Corn`, wanda ya nemi `Maize` a nuna masa hanya zuwa can. Bayan haka sai lamba, wadda ita ce mazaunin littafi a kan kanta. A tsarin da Melvil Dewey ya fara fitarwa a 1876, aikin gona yana 630, amfanin gona 633, masara 633.15, dawa 633.174, auduga kuwa, wadda ta sa sunan Funtuwa ya yi nisa, tana 633.51. Fa'idar lambar ita ce wanda ya sami littafi ɗaya, in ya dubi dama da hagunsa, zai ga 'yan'uwansa waɗanda bai taɓa jin sunansu ba, balle ya rubuta su a akwati.

Sai dai tsarin ba ma'asumi ba ne. Littafi mazauni ɗaya gare shi, saboda haka noman auduga yana 633.51, saƙarta tana can 677, kuma littafin da ya haɗa dawa da wuta-wuta dole ma'aikaci ya zaɓa tsakanin sashen dawa da sashen ciyayi masu cutar da shuka, wato 632.5. Haka nan an gina tsarin bisa idon mutanen wata ƙasa: Dewey ya ware wa Kiristanci daga 220 har 280, ya cusa Musulunci duka, da fiƙihunsa da hadisinsa da tafsirinsa, a cikin 297. Kuma jerin sunaye yakan yi nawa wajen karɓar sabon abu, balle sunan gida. Mai neman irin dawa kamar ƙaura ko farafara, ko rahoton shirin raya aikin gona na Funtuwa da aka soma a 1975, ko wani bincike na cibiyar Samaru wanda ya san sunan marubucinsa, neman kalma ya fi yi masa sauri nesa ba kusa ba.

A ganina hanyar da ta fi ita ce ɗalibi ya fara da kalmar da ya sani, har ya sami littafi ɗaya da ya dace da bukatarsa, sa'an nan ya buɗe cikakken bayaninsa ya ga kanun maudu'in da aka ba shi, ya sake nema da wannan kanun, ya rubuta lambar a takarda ya tafi gaban kanta da kansa. In sakamako na biyu ya fito da littattafan da na farko bai kawo ba, to ya san neman kalma ya rage masa. A lura kuma, ɗakunan karatun jami'o'i da dama suna bin tsarin Majalisar Dokokin Amurka mai haruffa, inda aikin gona yake ƙarƙashin `S`, saboda haka a tambayi ma'aikaci wane tsari suke bi kafin a shiga neman 633.