Rubuta Tsarin Bidiyon Waya da Hasken Taga Kaɗai

Bidiyon da za a ɗauka da waya, ba fitila, ba makirfon kirki, yana farawa ne a kan takarda. Mai fitilu yana iya kai haske duk inda ya ga dama, amma wanda ya dogara da taga dole ya bi rana, ita kuwa ba ta tsayawa jiran kowa. Saboda haka rubutun irin wannan aiki bai tsaya ga kalmomin da za a furta ba. A cikinsa ake yanke inda mutum zai zauna, da lokacin da za a ɗauki kowane ɓangare, da inda za a kafa waya, da abin da kunne zai ji. Misalin da ya isa ya nuna wannan shi ne bidiyon minti ɗaya na wani tela mai shago a Kano, wanda yake son nuna wa masu saye yadda yake aikin wuyan kaftani.

Kafin a rubuta komai, ana zuwa shagon a zauna a ga yadda haske ke shiga. Abin da ake nema shi ne hasken sararin sama da ke shigowa ta taga ba tare da ƙwayar ranar ta faɗo kan fuska ba, domin shi ne mai laushi, inuwarsa ba ta da kaifi. Tagar da ke kallon gabas rana tana dukanta tun daga hantsi har zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, daga nan sai haskenta ya kwanta. Ta yamma akasin haka take, da safe lafiya, bayan la'asar kuwa wuta. Tagar arewa da ta kudu sun fi dawwama a hali ɗaya, ko da yake a ƙasar Hausa rana tana karkata kudu a watannin hunturu, ta ɗan koma arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, don haka tagar da ta yi daidai a Disamba ba lalle ta yi daidai a Yuni ba. Hazon hunturu kansa yana tausasa haske, sai dai yana rage ƙarfinsa. Shagon telan nan tagarsa ɗaya ce, gabas take kallo, kuma wannan kaɗai ya riga ya yanke rabin tsarin aikin.

Ana raba takarda gida biyu da layi a tsaye. A hagu ake rubuta abin da ido zai gani, a dama abin da za a ji, kowace ɗauka da lambarta da yawan daƙiƙunta. Minti ɗaya ba ya ɗaukar magana mai yawa, kuma hanyar da ta fi aminci wajen auna shi ita ce a karanta rubutun da babbar murya ana duban agogo, a irin saurin da telan yake magana da abokin ciniki. Duk jimlar da numfashi ɗaya bai isa ya kai ta ƙarshe ba, a raba ta biyu. Wanda bai saba da kyamara ba yana harɗewa a doguwar jimla, kuma idan aka sa shi hadda sai muryarsa ta koma ta mai karatu. Ya fi kyau a rubuta masa jimla biyu-biyu, ya faɗa, a tsaya, ya duba ta gaba.

Rubutun telan ya ƙunshi ɗauka biyar. Ta farko daƙiƙa huɗu ce, allurar keke tana bin zane a wuyan farar shadda, ba magana sai ƙarar keken. Ta biyu daƙiƙa goma sha biyu, telan daga ƙirji zuwa sama yana sallama, yana faɗin abin da yake ɗinkawa. Ta uku ita ce mai tsawo, kusan daƙiƙa ashirin da biyar, hannuwansa suna zana aikin da alli, suna zaɓen zare, suna juya yadi, muryarsa tana bayani a kai ba a ganin fuskarsa. Ta huɗu rigar ce a rataye an gama ta, ta biyar kuma a koma ga fuskarsa ya faɗi inda shagon yake. Hikimar wannan tsari ita ce fuska ba ta daɗewa a hoto, kuma duk inda ya yi tuntuɓen harshe mai tacewa zai rufe wurin da hoton hannu.

A gefen kowace lamba sai a rubuta lokacin ɗaukarta, kuma nan ne sababbin hannu suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauka bi da bi yadda labarin ya jeru. Haske ne ya kamata ya jera aikin. Ɗauka ta biyu da ta biyar wuri ɗaya ne, fuska ɗaya, don haka a jere za a yi su, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da sha biyu da rabi, bayan rana ta bar tagar kuma kafin lasifikokin masallatai su fara kiran azahar. Idan aka bar awa biyu a tsakaninsu, mai kallo zai ga fuskar ta canja launi cikin minti guda. Hotunan hannu da zare ana iya yin su tun da safe, a rataya farin labule mara kauri a tagar ya tace zafin rana, domin haske mai ƙarfi da ke zuwa daga gefe yana fito da tudun surfani da sheƙin shadda.

Wurin zaman mai magana shi ma yana shiga rubutu. Ana zaunar da shi kusan mita ɗaya daga taga, tagar tana gefensa ta ɗan gaba, yadda haske zai sauka a kumatu ɗaya ya zarce kaɗan zuwa ɗayan. Idan taga ta koma bayansa, wayar za ta auna hasken waje ta mai da shi baƙar inuwa. Idan ya fuskance ta kai tsaye, fuskar za ta fito sarai amma a baje, ba zurfi. Hasken taga yana raguwa da sauri yayin da aka ja baya, don haka matsawar taku ɗaya tana canja hoton ƙwarai, kuma yana da kyau a yi wa ƙafar kujera alama da alli a ƙasa. Ɓangaren fuskar da ya yi duhu ana gyara shi da farin kwali ko yadi biyu na farar shadda, wani ya riƙe a ɗaya gefen, daf da inda hoto ya ƙare. Alamar cewa an dace ita ce ɗan ɗigon haske a cikin idanu biyu.

Ƙwan lantarkin ɗaki kuwa a kashe shi. Launinsa ya saba da na rana, sai rabin fuska ya yi ja-ja rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Ban da haka, wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyi sau hamsin a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuma suna ɗaukar hoto talatin a daƙiƙa, kuma wannan rashin jituwa kan sa a ga layuka suna yawo ko haske yana ƙyaftawa a bidiyo. Farar riga a jikin mai duhun fata tana da tata matsalar, domin wayar takan rage haske don kada rigar ta ƙone, sai fuska ta nutse. A rubuta tun farko cewa telan zai sa riga mai matsakaicin launi. A lokacin ɗauka kuma a danna fuskarsa a jikin allo a riƙe har wayar ta kulle, inda iPhone ke nuna AE/AF Lock, wayoyin Android da yawa kuma su nuna ɗan kwado. Idan ba a kulle ba, duk motsin hannu sai haske ya yi sama ya yi ƙasa.

Batun tsayuwar hoto gajere ne: kada wayar ta zauna a hannu. In babu sandar kyamara mai ƙafa uku, a jingina ta a kan tebur tsakanin littattafai ko ƙunshin yadi, a ɗaga ta har gilashinta ya yi daidai da idon mai magana. Kyamarar baya ta fi ta gaba kyau, a goge gilashinta, a bar ta a 1x da 1080p, kuma maimakon a jawo hoto da yatsu, a matso da wayar kanta. A kunna Grid don a ga ko hoton ya karkace, a sa idanu a kan layin sama. A saman takarda ake rubuta ko a tsaye za a ɗauka, don WhatsApp da TikTok, ko a kwance don YouTube, kuma ba a gauraya biyun. Kowace ɗauka a bar mata daƙiƙa biyu na shiru a farko da ƙarshe, mai tacewa ya sami wurin yanka.

Sauti shi ne ya fi cancantar a damu da shi, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba sa jure muryar da ba sa ji. Makirfon waya yana kama komai, kuma abin da ya fi kusa da shi ne yake rinjaye. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana faɗuwa sosai, ƙarar titi da amsa-kuwwar ɗaki kuwa suna nan yadda suke. Wayar da ke mita biyu daga baki ɗakin take ɗauka fiye da mutumin. Mafita mai arha ita ce waya ta biyu, a kunna na'urar naɗar murya, a ajiye ta a kan teburin gabansa ƙasa da inda hoto ya tsaya, kimanin kamu ɗaya ko biyu daga baki, ko a maƙala makirfon iyafis mai igiya a gaban riga. A farkon kowace ɗauka a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, tafin ne za a bi a haɗa murya da hoto a manhajar tacewa irin su CapCut.

A ɓangaren dama na takardar ake lissafa abin da za a kashe: fanka, firji, rediyon maƙwabci idan ya yarda, da janareta. Wayoyin biyu a sa su a Airplane mode don kira kada ya katse aiki. Taga tana kawo haske, amma tana kawo ƙahon adaidaita sahu da muryar masu talla, don haka mai gilashi a rufe ta a bar labule a buɗe. Shagon tela yana da sa'a ta wani fanni, yadudduka da rigunan da ke rataye suna shanye amsa-kuwwa. Ɗaki mai tayil da bango tsirara kuwa sai an shimfiɗa darduma ko an jingina katifa a bayan kyamara, kuma tafi ɗaya ya isa ya nuna halinsa: idan sautin ya yi wutsiya, ɗakin bai shirya ba. Ƙarar keke ana ɗaukarta daban, bayanin ɗauka ta uku shi ma daban, keken a kashe, baki kusa da waya. Daga ƙarshe kowa ya yi shiru na daƙiƙa talatin a naɗi sautin shagon shi kaɗai, wanda za a shimfiɗa a ƙarƙashin wuraren yanka don kada a ji tsalle.

Kafin a fara na gaske ana gwajin daƙiƙa goma, a kalla a allo cikin inuwa, a saurara da iyafis a kunne biyu, domin lasifikar waya tana ɓoye gunjin fanka da na janareta mai nisa. Idan fuska ta fito da ƙananan ɗigo kamar yashi, haske bai isa ba, sai a matso da kujera kusa da taga, a sake alamar alli, a gyara ta a takarda, sannan a fara da ɗauka ta biyu.