Wanne Za A Taƙaita, Wanne Za A Leƙa Kawai?

A makon farko na zangon karatu malamin jami'a kan raba wa ɗalibai jerin littattafai da maƙalu, wani lokaci shafi biyu cur. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna cewa ba mai iya cinye su duka. Wani nazari da Marc Brysbaert ya wallafa a 2019 ya gano cewa babban mutum yana karanta kalmomi kusan 238 a minti ɗaya a rubutun ilimi na Turanci. Ke nan littafi mai kalmomi 100,000 zai ci awa bakwai, ban da tsayawa a yi tunani ko a rubuta wani abu. Ga kwasa-kwasai bakwai ko takwas suna jira. Dole a yi zaɓi, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke tafka kuskure: sai su auna muhimmancin rubutu da kaurinsa.

A ɗauki ɗalibar tarihi a Kano ko Zariya da aka ba ta jinga kan yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu. A jerinta akwai maƙalar Abdullahi Smith ta 1970, da Tarihin Kano wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da littafin Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato, da na Yusufu Bala Usman na 1981 kan Katsina.

Maƙalar Smith ba ta kama ƙafar littattafan nan a girma ba, amma ita ce ta fi cancantar cikakken taƙaitawa, domin hujja take kafawa. Smith ya ƙi yarda cewa wani baƙon jarumi irin Bayajidda ne ya zo ya dasa sarauta dare ɗaya. A ganinsa abin ya tsiro ne a hankali daga cikin gida: ƙauyuka suka zama garuruwa, wasu garuruwan suka bunƙasa suka zama birane masu ganuwa, birni ya mallaki ƙasar da ke kewaye da shi a ƙarƙashin sarki. Irin wannan rubutu sarƙa ne, wanda ya tsallake tsakiya ya rasa yadda farko ya haɗu da ƙarshe. Don haka ɗalibar za ta zauna da biro ta fitar da shafi guda da kalmominta: me marubucin ke cewa, da wa yake jayayya, wace shaida ya kawo, ina hujjarsa ta yi rauni, tare da lambar shafi a gefen kowane batu.

Tarihin Kano kuwa tushe ne, shi masana ke taƙaddama a kansa. Ba sai ta taƙaita sarakuna duka ba. Ta karanta sashen farko a tsanake, daga Barbushe da Dala zuwa isowar Bagauda, sannan zamanin Yaji da zuwan Wangarawa, ta bar sauran.

Littafin Last fa? Babban aiki ne, babu musu, sai dai ƙarni na 19 ya sa a gaba, tambayarta kuma ta girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru. Minti goma sha biyar sun wadatar: ta duba jerin babi-babi, ta karanta gabatarwa, ta leƙa fihirisar da ke bayan littafin ko akwai abin da ya shafe ta, ta rubuta layi biyu don ta san inda za ta dawo. Na Bala Usman yana tsaka-tsaki, tunda ya faro ne tun daga wajen 1400. Babin farko a karanta sosai, sauran a leƙa. Da a ce jingar kan jihadi ce, da jerin ya juye gaba ɗaya, littafin Last ya hau sama.

Akwai alamomin da ke taimakawa tun kafin a buɗe shafi. Sunan da malami ya yi ta maimaitawa a aji, da wanda ke yawan fitowa a tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da wanda sauran marubutan jerin ke ambata suna goyon baya ko suna suka, wannan ba na leƙe ba ne. Littattafai uku da ke ba da labari iri ɗaya kuwa, ɗaya ya isa.

Leƙen ma yana da haɗarinsa. Ido kan tsallake ƙananan kalmomi irin su "amma" da "wasu na cewa", har ɗalibi ya jingina wa marubuci ra'ayin da ya kawo don ya rushe shi. Wanda ya leƙa Smith a gurguje zai iya fita yana cewa Smith ya tabbatar da labarin Bayajidda. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe littafin, a faɗi matsayin marubucin da shaidarsa guda ɗaya. Idan baki ya kasa, kuma rubutun ya shafi tambayar kai tsaye, to a mayar da shi sahun waɗanda za a zauna a taƙaita.