Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka rubuta labarin saƙon da ya iso a mummunan lokaci

Ɗalibi ya rubuta saƙo, ya sa masa rana da sa'ar da zai tafi da kansa, ya shiga harkar gabansa. Kafin sa'ar ta cika sai al'amura suka juya, saƙon kuma ya faɗo a daidai lokacin da bai kamata kowa ya gan shi ba. Wannan jigo yana da daɗin rubutawa, kuma ya dace da gajeren labari irin wanda ake shiga gasa da shi, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Amma yana da saurin lalacewa a hannun mai gaggawa, domin duk nauyinsa yana kan minti guda, kuma idan mai karatu bai yarda da wannan mintin ba, sauran shafukan sun tashi a banza.

Saƙon bai makara ba

Tsofaffin labarai cike suke da wasiƙar da ba ta isa ba. A wasan Romeo and Juliet na Shakespeare, ɗan aiken da aka ba wasiƙar da za ta sanar da Romeo cewa Juliet ba mutuwa ta yi ba an tsare shi saboda tsoron annoba, wasiƙar ba ta kai ba, aka yi asarar rayuka. Can laifin hanya ne. Labarin da muke magana a kansa akasin haka yake: saƙon ya isa a kan lokaci, daidai mintin da aka umarce shi. Abin da ya sauya shi ne mai saƙon. Wanda ya rubuta daren Alhamis yana cikin fushi, wanda aka karanta saƙonsa safiyar Litinin ya riga ya san abin da bai sani ba a da, amma na farkon ne ke magana da bakin na biyun. Marubucin da ya gane wannan ya san cewa aikinsa shi ne ya nuna mana mutum biyu a jiki ɗaya. Wanda bai gane ba zai ɓata lokacinsa yana zargin waya.

Daga ina saƙon yake tashi?

Nan ne marubuta suka fi yin tuntuɓe, masu karatu matasa kuwa ba sa yafewa, don kullum wayar tana hannunsu. Tambaya ɗaya za ka fara amsawa: saƙon yana jira ne a cikin wayar, ko a rumbun kamfanin?

A Gmail, wanda ya samu tsarin Schedule send a 2019, wasiƙar tana barin hannunka tun lokacin da ka tsara ta. Ko batir ya mutu, ko data ta ƙare, ko an ƙwace wayar, za ta tafi. Hanyar tsayar da ita ɗaya ce: a shiga akwatin Scheduled, a buɗe ta, a danna Cancel send, sai ta koma cikin waɗanda ba a gama rubutawa ba. Telegram ma haka yake, a wurinsu saƙon yake jira. Amma manhajar Google Messages da ke kan wayoyin Android da yawa daban take: saƙon yana cikin wayar, idan tana kashe ko babu sabis a lokacin da aka sa, sai ya dakata har ta dawo kan layi. Kowanne daga cikin biyun yana ba da labari iri daban. A na farko, kashe waya ba ya ceton kowa. A na biyu kuwa, kunna wayar ce ke sakin masifar, wataƙila bayan sa'o'i, lokacin da mai ita ya ɗauka komai ya wuce.

A yi hattara da WhatsApp. Shekaru da dama masu amfani da shi na yau da kullum ba su da maɓallin tsara lokaci, sai dai su haɗa da wata manhaja ta daban. Idan ka ce jarumarka ta yi hakan kai tsaye, ka tabbata wayarta da shekarar labarin sun yarda da kai.

Mu gina guda ɗaya tare

Ga ɗaliba a shekarar ƙarshe ta jami'a. Makonni shida ke nan babi na uku na furojet ɗinta yana hannun malamin da ke duba ta, ba gyara, ba amsa, ofishinsa a kulle, ga ranar kare aiki ta matso. Ƙarfe ɗaya na daren Alhamis ta zauna ta rubuta masa wasiƙa a Gmail. Ba ta zage shi ba. Ta ce ta gaji da sintiri a ƙofar ofishin da ba a buɗewa, ta ce idan ba shi da lokacin ɗalibai gara ya faɗa, ita za ta nemi shugaban sashe ya sauya mata malami. Sai ta sa wasiƙar ta tafi ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe.

Me ya sa takwas ta Litinin? Dole ka ba ta dalili, kuma ya zama nata ne, ba naka ba. Ba ta son a ga ɗiya mace ta aika wa malami saƙo da tsakar dare. Tana son ya zama abu na farko da zai gani da buɗe mako. Can ƙasan ranta kuma tana ba kanta kwana uku ko za ta huce. Dalili na ukun nan ya fi sauran amfani, domin yana nuna cewa tun farko ta san wasiƙar ta yi zafi.

Ranar Asabar labari ya zagaya ajinsu: matar malamin ta rasu, ashe makonnin nan duk a asibiti yake yana jinya. Ɗalibar ta yi kuka na gaskiya, ta shiga tara kuɗin mota da 'yan ajinsu, wasiƙar ta fita daga ranta gaba ɗaya. An tsayar da zuwa gaisuwa safiyar Litinin, ranar addu'ar uku. Lura da cewa ba marubuci ne ya ja lokutan biyu suka haɗu da ƙarfi ba. Rasuwar Asabar ita ta kawo uku ranar Litinin, kuma kowane Bahaushe ya san da safe ake taruwa.

Sai a cikin adaidaita sahu, saura minti goma, ta tuna. Ta zaro wayar, batir ya mutu tun daren jiya da ba a kawo wuta ba. A nan fa za ka yi amfani da abin da muka faɗa a sama: sai ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a ranta ai waya a kashe ba ta aika komai. Mai karatun da ya san Gmail zai ji cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ya riga ta sanin gaskiya. Wanda bai sani ba zai huta tare da ita, ya kuma faɗi tare da ita. Dukansu biyun ka riƙe su.

Suka iso, maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida. Ɗaliban suka durƙusa daga gefe.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta."

"Amin, na gode. Allah ya ba da lada."

Wayar malamin tana hannun babban ɗansa, wanda tun Asabar yake karanta masa saƙonnin ta'aziyya. Ta yi ƙara. Yaron ya duba, ya ce, "Baba, daga ɗalibarka ce," ya faɗi sunanta, ya fara karantawa a bayyane da muryar da yake karanta addu'o'i. Layi ɗaya ya isa. A na biyu zai yi shiru da kansa.

Yadda za ka gane labarin ya karkace

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka tambayi kanka me ya hana ta soke saƙon. Idan amsarka ita ce mantuwa kawai, ba tare da wani abu mai nauyi da ya danne tunaninta ba, mai karatu zai ce sakarci ne, kuma ba a tausaya wa sakarci. Idan kuma ka tara dalilai, batir ya mutu, an sace jaka, sabis ya ɗauke, ƙawa ta ƙi ba da aron waya, to hannunka ya fito fili. Cikas ɗaya ya wadatar, musamman idan ya haɗu da kuskuren fahimta irin nata.

Abu na biyu, kada ka ɓoye tsara saƙon don ka ba da mamaki a ƙarshe. Nuna shi tun shafin farko, da ranarsa da sa'arsa. Ƙarfin wannan labari yana cikin jira ne, kamar wanda ya ga tukunya na tafasa a kan murhu alhali mai girkin ta juya baya.

Na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi. Kada ka mayar da wasiƙar ta zama ta marar tarbiyya don a ji daɗin hukunta ta. Ɗalibar nan tana da gaskiya: makonni shida ba wasa ba ne, kuma sashen ya kamata ya sanar da ɗalibai halin da malaminsu ke ciki. Idan kowace kalma a wasiƙar daidai ce ranar Alhamis, kuma kowace kalma ta zama wuƙa ranar Litinin, to ka sami labari. Idan tun asali rashin kunya ce, wa'azi kawai ka rubuta, kuma mai karatu zai hango ƙarshensa tun daga nesa.

Lissafin lokaci ma yana karkatar da labari: wanda jaruminsa ke karatu a waje ya tuna da bambancin agogo. Ƙarfe takwas na safe a Kuala Lumpur ƙarfe ɗaya na dare ne a Kano, kuma Gmail da agogon inda aka tsara wasiƙar yake aiki.

Bayan saƙon ya faɗo

Babu janye shi. Damar Undo da Gmail ke bayarwa bayan an danna aikawa ba ta wuce daƙiƙa 30, wasiƙar da ta riga ta shiga akwatin wani kuwa ta zama tasa. Saboda haka kada ka nemi mafita daga na'ura. Abin da ya rage na mutane ne, kuma a nan ake gane gwanin marubuci. Malamin zai iya karɓar wayar ya kife ta a kan tabarma ya ci gaba da amsa gaisuwa. Zai iya ce mata, a hankali, ta zo ofis ranar Alhamis ta karɓi babinta, abin da zai fi mata ciwo fiye da faɗa. Ita kuma za ta iya buɗe baki ta ce tun kafin rasuwar ta rubuta, sai ta gane cewa a gaban wannan taro bayanin ba shi da wurin zama.

Zaɓi ɗaya daga ciki ka tsaya a kansa, kada ka bi su har ranar kare furojet don ka sasanta su. Kuma kafin ka miƙa labarin ga kowa, ɗauki wayarka ka tsara wa kanka saƙo da manhajar da ka ba jarumarka, ka kashe wayar, ka ga da idonka ko zai tafi.