Abin da ke faruwa da bidiyo a YouTube idan aka ce don yara aka yi shi

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a dandalin YouTube ya ci karo da wata tambaya da ba a barin sa ya wuce sai ya amsa ta, wato ko bidiyon don yara aka yi shi. Amsoshi biyu ne ke bayyana a ƙarƙashinta: "Yes, it's made for kids" da "No, it's not made for kids". Da yawa daga masu tashoshi suna zaɓar ta farko da kyakkyawar niyya, a zatonsu ana tambaya ne ko bidiyon ya tsira daga batsa da ashar. Sai daga baya su lura cewa wurin sharhi ya rufe, kuɗin talla kuma ya ja baya.

Tambayar ba ta shafi tsaftar bidiyo ba. Abin da dandalin ke son sani shi ne su wa aka nufa da shi.

Asalin maganar wata dokar Amurka ce ta shekarar 1998 da ake kira COPPA, wadda ta hana shafukan intanet tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensu. A watan Satumban 2019, kamfanin Google, mai YouTube, ya amince ya biya dala miliyan 170 domin sasantawa da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da ofishin babban lauyan gwamnatin Jihar New York. Zargin da aka yi masa shi ne yana bin sawun masu kallon tashoshin yara domin ya aika musu da tallan da ya dace da su. Daga cikin sharuɗɗan sulhun akwai samar da hanyar da masu tashoshi za su riƙa bayyana bidiyon yara, kuma sabon tsarin ya fara aiki a Janairun 2020. YouTube ya shimfiɗa shi a kan kowa, don haka mai tasha a Kano ko Damagaram yana amsa tambayar kamar yadda na Amurka ke amsawa.

Da zarar an ce bidiyo na yara ne, dandalin yana ɗaukar duk mai kallonsa a matsayin yaro, ko da dattijo ne. Saboda haka yake kashe duk wani abu da ke buƙatar adana bayanan mai kallo. Na farko shi ne sharhi, domin kowane sharhi yana ɗauke da sunan mai shi da hotonsa. Hirar kai tsaye da ake yi a gefen shiri ita ma tana tsayawa, tare da kyautar kuɗin da masu kallo ke aikowa ta Super Chat. Ƙararrawar sanarwa ba ta aiki, wato mabiya tasha ba za su samu saƙon fitowar sabon bidiyo ba. Mai kallo ba zai iya ajiye shi a jerin Watch later ba, haka kuma ba zai ci gaba da tafiya a ƙaramar tagar kallo ba idan aka koma neman wani abu. Katunan da ke kai mutum ga wani bidiyo, a tsakiya ko a ƙarshe, su ma suna ɓacewa.

Talla ba ya gushewa gaba ɗaya. Wanda aka hana shi ne tallan da ake zaɓa wa mutum bisa tarihin abin da ya saba nema da kallo. Wanda ya rage ana sa shi ne bisa abin da bidiyon ya ƙunsa, kuma YouTube da kansa ya gargaɗi masu tashoshi cewa hakan na iya rage kuɗin da suke samu.

A ɗauki misalin wata mai tashar girke-girke da ta ɗora bidiyo 40 na koyar da dambun shinkafa, alkaki da miyar taushe. Da take buɗe tashar, ta zaɓi cewa dukkanta ta yara ce, tunda ba abin da yaro ba zai iya kallo ba. Matan aure da ’yan mata ne masu kallonta, kuma a wurin sharhi suke tambayar yawan yis ko tsawon lokacin turara shinkafa. Da wannan zaɓi guda ta rufe ƙofar tambaya a bidiyo 40 a lokaci ɗaya, ta kuma rasa shafin da masu tasha ke wallafa hoto da sanarwa ga mabiyansu.

Gyaran ba shi da wuya. Za ta shiga YouTube Studio a kwamfuta, ta danna Settings, sannan Channel, sannan Advanced settings. A nan akwai zaɓi uku: tashar duka ta yara ce, ko duka ba ta yara ba ce, ko kuma a riƙa tantance kowane bidiyo shi kaɗai. Na biyun ne ya dace da ita. Daga nan sai ta koma Content ta duba tsofaffin bidiyon, ta yi wa waɗanda ba su canza ba alama, ta danna Edit, ta zaɓi Audience ta sauya su a tare. Idan har yanzu sharhi bai buɗe ba, sai ta duba saitinsa a cikin bayanan bidiyon ta kunna shi da hannu.

Jinkiri a nan yana da tsada. Tsofaffin sharhohin da ke kan bidiyo ɓoye su ake fara yi, amma bayan kwana 30 da mayar da shi na yara ana goge su har abada. Wanda ya yi gyara a cikin wata guda zai iya tarar da su, wanda ya wuce haka kuwa sai dai ya fara tara sababbi.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren. Mai tashar da ke koyar da baƙaƙe da ƙirga ta hanyar waƙa, ko yake zana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi domin ’yan firamare, bidiyonsa na yara ne ko da ya so ya riƙe sharhinsa. Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da batun bidiyon, irin harshensa, ’yan wasa ko zanen da ke cikinsa, da waƙoƙi ko wasannin da aka tsara domin jan hankalin ƙanana. Zane shi kaɗai ba hujja ba ne, domin akwai na barkwancin siyasa da manya ke kallo. Bayyanar yaro a cikin bidiyon biki ma ba ta mayar da shi na yara, ko da yake YouTube kan rufe sharhi a wasu bidiyon da ƙanana suka fito a ciki domin kare su, a ƙarƙashin wata ƙa’ida ta daban.

Dandalin yana amfani da na’urorinsa wajen gano bidiyon da aka ɓoye matsayinsa, kuma yana iya sauya shi da kansa. Idan hakan ta faru, mai tasha ba zai iya mayar da shi ba sai ta hanyar ɗaukaka ƙara a YouTube Studio. Hukuma ma tana bibiya: a Satumban 2025 kamfanin Disney ya amince ya biya dala miliyan 10 bisa zargin FTC cewa ya bar wasu bidiyonsa na yara ba tare da wannan alama ba.

Saitin da ke taƙaita bidiyo ga ’yan shekara 18 zuwa sama wani abu ne daban, duk da cewa yana kusa da wannan tambaya a shafin ɗorawa. Wanda ya ce bidiyonsa ba don yara aka yi shi ba bai hana kowa kallo ba. Wa’azi, labarai, darasin ɗinki da fim ɗin da iyali ke kallo tare duk suna cikin abin da aka yi domin jama’a baki ɗaya, kuma amsarsu ita ce "No, it's not made for kids".