Jingar ɗalibin shari'a: ina bincike ke tsayawa, kuma yaya ake kafa hujja?

A tsangayoyin shari'a na jami'o'in Najeriya, malami yakan ba ɗalibai jinga su tafi da ita gida, ya ce su kawo bayan mako biyu. Daga nan sai a rabu biyu. Wasu su kwashe abin da ke cikin takardar lacca su mayar wa malami da kayansa. Wasu kuma su tare a laburare, su jibgo shari'o'i ashirin ko talatin, har da na Indiya da Amurka, suna zaton yawan suna shi ne ilimi. Duka biyun sun kauce hanya. Tambayar da aka ba ka ita ke yanke maka iyakar bincike, kuma sau da yawa abu uku take nema: dokar da ke mulkin al'amarin, babban hukuncin da ya fassara ta, da abin da kotu ta ce bayan wannan hukuncin.

Bari mu ɗauki tambaya irin wadda ake bayarwa a darasin dokar filaye. Wani ɗan kasuwa yana da gida a cikin birni tun kafin 1978. Ya jinginar da shi ga banki ya karɓi bashi, amma ba a nemi amincewar Gwamna ba. Ya kasa biya, banki ya yunƙura zai sayar da gidan, sai ya garzaya kotu yana cewa jinginar ba ta inganta ba tun asali. Malami ya ce: ba bankin shawara.

Wurin farawa shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma ɗalibi ya buɗe ta da hannunsa, kada ya dogara da abin da wani littafi ya ce ta ce. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama a fili wanda Gwamna ya ba shi ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar Gwamna ba. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Amma ɗan kasuwarmu ba Gwamna ne ya ba shi gidan ba, yana da abinsa kafin dokar ta zo. A nan sashe na 34 ya shigo, wanda ya ce irin wannan mutum za a ɗauke shi tamkar Gwamna ne ya ba shi. To, ko sashe na 22 ya hau kansa shi ma? Wannan ita ce ainihin tambayar, kuma wanda bai karanta sassan uku tare ba ba zai ma gan ta ba.

Kotun Ƙoli ta amsa ta a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Ta ce sashen ya hau kansa, don haka jinginar da aka yi ba da amincewar Gwamna ba ta rushe. Wannan hukunci yana cikin kowace takardar lacca, kuma ɗalibin da ya tsaya a nan zai ce wa banki ya yi haƙuri, gida ya tafi.

Binciken waje da malami ke so yana farawa ne daga wannan gaɓar. Hukuncin 1989 ne, shin kotu ta sake waiwayarsa? Ta waiwaya. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, Kotun Ƙoli ta ce ba laifi ba ne ɓangarori su ƙulla yarjejeniya su sa hannu kafin amincewa ta zo. Yarjejeniyar tana rataye ne har Gwamna ya amince. A 1996 kuma, a shari'ar Ugochukwu, kotun ta ƙi yarda mai gida, wanda nauyin neman amincewar yake kansa, ya ci kuɗin banki sannan ya fake da sakacinsa. Yanzu shawara ta canza fuska. Ɗalibi zai tambaya: an taɓa neman amincewar? Ta zo daga baya? Wa ya yi sakaci? Zai faɗa wa banki gaskiya cewa Ajilo barazana ce, ya kuma nuna masa ƙofofin da suka rage. Doka ɗaya, hukunci uku, da babi guda na littafin dokar filaye don ganin yadda masana suka auna saɓanin: a ganina wannan ya ishi jinga mai shafi biyar ko shida. In malami ya ce a tsaya kan kayan darasi kaɗai, ko ya hana tuntuɓar juna, to maganarsa ce gaba. In bai ce komai ba, a tambaye shi tun ranar farko.

Akwai tarko biyu a hanya. Na farko, karanta taƙaitawar da editoci ke sawa a gaban hukunci a ɗauka shi ne hukuncin. Wannan taƙaitawa ba maganar alƙali ba ce. Sai an shiga ciki za a bambanta dalilin da aka gina hukunci a kansa, wanda ke ɗaure ƙananan kotuna, da maganar da alƙali ya yi a wucewa, wadda ba ta ɗaure kowa. Na biyu, tsohuwar doka. Dokar Shaida ta 2011 da Dokar Kamfanoni ta 2020 sun maye gurbin na da, kuma lambobin sassa sun sauya. Malami yana ganin tsohuwar lamba ya san daga tsohon littafi aka kwaso.

Sai kafa hujja. Mai karatun zaure ya san wannan ladabi: ba a cewa “malamai sun ce” a yi shiru, sai a ce Muhtasar, babi kaza, don mai shakka ya je ya duba. Ga yadda ake rubuta hukuncin Ajilo:

Savannah Bank (Nig.) Ltd v Ajilo (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305

Sunayen masu shari'a ne a farko, sai shekara, sai lambar juzu'i. NWLR kundin hukunce-hukunce ne na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Lamba 97 ita ce fitowar da hukuncin yake ciki, kuma da ita ma'aikacin laburare zai zaro maka littafin, don haka barin ta babban giɓi ne. Lamba 305 shafin da hukuncin ya fara ne. In ka ɗauko wata magana daga tsakiya, dole ka ƙara shafin da take da sunan alƙalin da ya faɗe ta, domin a Kotun Ƙoli alƙalai biyar ko bakwai ke zama, kuma wani yakan saɓa wa sauran. Ita kuwa dokar haka take:

Land Use Act, Cap L5, LFN 2004, s 22

Tsangayoyi da yawa suna bin tsarin ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya, NALT, wasu kuma OSCOLA na Jami'ar Oxford. A duka biyun madogara tana zama ne a ƙasan shafi, da 'yar lamba a ƙarshen jimla. A bi wanda tsangaya ta zaɓa tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibi ya jera hukuncin da bai taɓa buɗewa ba. In a littafin wani ka gan shi, ka nemi asalin. In bai samu ba, ka rubuta cewa a littafi kaza, shafi kaza, ka same shi. Haka ma ra'ayin marubuci: ko ka sauya masa kalmomi, nasa ne, kuma rashin ambatonsa satar fasaha ce da jami'o'i ke hukuntawa. Ɗalibin nan gobe lauya ne, kuma in ya karanto wa alƙali shafin da babu maganar a ciki, gidan wani ko kuɗin wani ne zai salwanta.