Shafi ɗaya, magana ɗaya: yadda kamfanin Airbnb ya nemi jarinsa na farko

A watan Oktoban 2007 wasu samari biyu a birnin San Francisco na Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka rasa kuɗin hayar gida. An zo wani babban taro a garin, otal-otal duk sun cika, sai suka shimfiɗa katifun hurawa a falonsu suka sauke baƙi uku, kowane yana biyan dalar Amurka 80 a kwana. Daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali. Shafukan da suka nuna wa masu zuba jari a farkon tafiyar suna nan a intanet har yau, kuma duk matashin da ke shirin tsayawa gaban alƙalan gasar kasuwanci, a cibiyar CIPMEN ta Yamai ko a wani wuri, ya kamata ya duba su kafin ya buɗe PowerPoint ko Canva.

Shafukan, waɗanda ƴan boko a nan ke kira diyafo, ba su wuce goma sha ƴan kai ba. Na farko sunan kamfanin ne da jimla guda, wadda ke cewa ka kama ɗaki wurin ƴan gari maimakon otal. Shafin matsala layi uku ne: tsada na damun matafiyi, otal na raba shi da mutanen gari, kuma babu hanya mai sauƙi ta samun ɗaki a gidan wani. Babu tarihin masu kamfanin a waɗannan shafuka na farko, babu doguwar gaisuwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne shafin da suka kawo hujjar cewa akwai masu saye. Lamba biyu ce kawai aka rubuta da manyan baƙaƙe: 630,000 daga dandalin Couchsurfing, inda matafiya ke kwana gidan mutane kyauta, da tallan masaukin wucin gadi 17,000 da aka sa a Craigslist cikin mako guda a San Francisco da New York. Ma'anar ita ce mutane sun riga sun saba kwana gidan baƙo, saura wanda zai tsara musu abin. Shafin samun kuɗi kuma jimla ɗaya ce ke jagorantarsa: kamfani na ɗaukar kashi 10 cikin 100 na kowane ciniki.

Dalilin wannan rowar kalmomi ba gayu ba ne. Mutum ba ya iya karatu da sauraro a lokaci guda, kuma ido ya fi baki sauri. In ka cika allo da layi takwas, mai jari zai gama karantawa kana kan layi na biyu, daga nan sai ya jawo wayarsa. Shi ya sa Guy Kawasaki, mai zuba jari da ya taɓa aiki a kamfanin Apple, ya kafa ƙa'idar da aka sani da 10/20/30: shafi goma, minti ashirin, girman baƙi kada ya gaza 30. Lambar ƙarshen ce ke yin aikin, domin da baƙi mai girman 30 shafi ba ya ɗaukar surutu, dole ka zaɓi abin da zai shiga.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira. A ce wata matashiya a jihar Tawa tana da rumbun ajiyar albasa kusa da Galmi, manoma na kawo mata kaya lokacin kaka, tana karɓar jika ɗaya kan kowane buhu, su kwashe idan farashi ya tashi. Abin da aka saba gani shi ne shafi mai taken "Kasuwarmu", a ƙarƙashinsa yawan manoman yankin, da ruɓewar albasa, da fitar da ita zuwa Gana da Kodebuwa, da sunayen abokan gasa, da hoton rumbun a kusurwa. Magana biyar ke nan, kuma ba wadda za ta zauna a kan mai sauraro.

Gyaran yana farawa daga take. "Kasuwarmu" suna ne kawai, bai faɗi komai ba. A mayar da shi cikakkiyar jimla mai ɗauke da iƙirari: "Bara manoma 25 sun ajiye buhu 400 a wurinmu, 20 sun dawo bana." A ƙasa a sa lambar 20 cikin 25 da girma, ko hoton rumbun cike da kaya, ɗaya daga ciki. Ruɓewar albasa ta koma shafin matsala, abokan gasa su samu nasu shafin, fitarwa zuwa ƙetare kuma ta jira lokacin tambayoyi. In ka ga taken shafi na buƙatar kalmar "sannan kuma" kafin ya cika, to shafi biyu ne ka haɗe.

Shafin neman kuɗi nan ne aka fi kamo mutane. Na Airbnb ya ce suna neman dalar Amurka dubu 500 don aikin wata 12, su kai ciniki 80,000, kowane ya kawo musu kusan dala 25, jimla miliyan biyu. Mai jari na iya yin wannan lissafi a kansa kafin ya ajiye kofin shayi. (A kula, a Nijar in ka ce dala kawai wani zai ɗauka ta sefa biyar ce, saboda haka a rubuta sunan kuɗin sarai.) Matashiyarmu ita ma za ta rubuta: sefa miliyan 6, a gina rumbu uku, a ajiye buhu 3,000 a shekara, kuɗin shiga miliyan 3. Nan take mai jari zai ga cewa ko ba a cire albashi da gyara ba, sai an shekara biyu kafin jarin ya dawo, kuma zai tambaya. Gara ta ga wannan tambayar a ɗakinta ta shirya amsa. Lambar da aka binne cikin sakin layi ba ta ɓoyuwa, jinkirin ganinta kawai ake yi.

Kafin ranar gabatarwa akwai gwaji biyu marasa tsada. Na farko, a kwafe taken shafukan kaɗai a jere a karanta. In labarin kasuwancin bai fito daga farko har ƙarshe ba, akwai shafin da ya ɓace ko wanda ba shi da aiki. Na biyu, a nuna wa wanda bai san sana'ar ba kowane shafi na daƙiƙa uku, a rufe, a tambaye shi me ya gani. In ya yi shiru ko ya faɗi wani abu dabam, shafin ne ke da laifi.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. An yi ta ne don ɗakin da kake tsaye kana bayani da bakinka. Da yawa daga cikin masu karanta mu jarin farko daga wani kawu ko yaya da ke Abijan, Akara ko Faransa zai fito, kuma ta WhatsApp zai ga shafukan, ba kowa kusa da shi da zai yi masa bayani. Wannan na buƙatar kwafi na biyu: take iri ɗaya, magana ɗaya a shafi, amma da ƙarin jimla ɗaya ko biyu a ƙasa. A aika shi a matsayin PDF don kada rubutun ya wargaje, a fara buɗe shi a ƙaramar waya a ga ko yana karantuwa ba tare da an ja shi da yatsa ba.

Kuma shafi mai tsabta ba ya maye gurbin ciniki. Chesky da kansa ya bayyana cewa a 2008 an haɗa su da masu jari bakwai, biyar suka ƙi, biyu ko amsa ba su ba da ba. Sai da suka sayar da kwalayen abincin karin kumallo masu hoton Obama da McCain don su rayu, suka shiga shirin Y Combinator a farkon 2009 aka ba su dala dubu 20, suka je New York suna bin masu gidaje ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilun 2009 ne suka samu dala dubu 600, mafi yawanta daga kamfanin Sequoia Capital.